Minti Ɗaya Ya Ishi Mutum Ya Faɗi Ko Shi Wane Ne

A wannan wata za mu tattauna a kan wani abu da ake ganin ƙarami ne, amma ya fara raba mai samu da mai rashi a kasuwarmu ta Malanville, wato yadda mutum zai ɗauki muryarsa a waya ya gabatar da kansa ga mutanen da ba su taɓa ganinsa ba.

Dalilin wannan magana kuwa kowa ya san shi. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ran 26 ga Yuli, 2023, an rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya. A shekarar 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe, jama'a suka koma tsallake Kwara da kwalekwale. 'Yan kasuwa da yawa da suka saba ciniki da ido da ido sai suka wayi gari suna neman sababbin abokan hulɗa a Kandi da Paraku da Kwatano, inda ba wanda ya san su, balle ya san iyayensu. Da yawansu kuma ba su yi lakwal ba, saboda haka murya ce takardarsu.

Kwanan baya wani tsohon ɗalibinmu, wanda ya gaji sana'ar albasa wurin mahaifinsa, ya same mu a gida bayan Magariba. Ƙungiyarsu ta 'yan albasa ta ce kowane mutum ya aiko da hotonsa da gajeren saƙon murya ta WhatsApp, don a riƙa tura wa masu saye na kudu. Ya ce, "Mushe, na yi nawa, kwana goma ke nan ba wanda ya kira ni. Ku saurara ku gaya mini inda na kuskure."

Muka saurara da agogo a hannu. Saƙon ya haura minti 4. Gaisuwa kaɗai ta ci kusan minti guda: ya gai da shugabanni, ya gai da dattawa, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali. Daga nan ya shiga tarihin kakansa da ya zo daga ƙasar Kabi, ya koka a kan rufe gada, ya faɗi farashin buhu na ranar. Sunansa bai fito ba sai a tsakiya, rumfarsa kuwa bai ambace ta ba sam. Bayan wannan duka, ƙarar babura da iska sun cinye rabin maganar.

Muka ce masa, "Ɗana, ba ka faɗi ƙarya ko ɗaya ba, amma ka manta da wanda kake yi wa magana. Mai saye a Kwatano yana da saƙo 30 irin naka a wayarsa. Idan bai ji sunanka da sana'arka a numfashin farko ba, ya wuce na gaba."

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne lissafi. Mutumin da yake magana a natse, yadda kowa zai gane, yakan faɗi kalma 120 zuwa 140 a minti ɗaya. Wannan shi ne kamar layi 12 na littafin ɗan makaranta. To, wannan ita ce gonarka, ba ta da faɗin da ya wuce haka. Idan ma saƙon za a sa shi ne a wurin da WhatsApp ya kira Status, can ma an yi masa iyaka: daƙiƙa 30 aka fara ba da dama a 2023, aka ƙara zuwa minti ɗaya a 2024. Wanda ya shuka gaisuwa a rabin gonar, ba shi da wurin shuka albasa.

Sai muka ɗauko alli da allo, muka rubuta masa tambayoyi huɗu da baƙo yake yi a zuciyarsa. Wane ne wannan? Ina zan same shi? Me yake yi da ya shafe ni? In na yarda da shi, yaya zan yi? Duk abin da bai amsa ɗaya daga cikin huɗun nan ba, a bar shi sai ranar da aka haɗu.

A tambaya ta farko, suna kaɗai bai isa ba a wurinmu, domin a layi ɗaya na kasuwa za ka sami masu suna iri ɗaya sun kai biyar. A faɗi sunan yanka, a faɗi na uba, a ƙara da laƙabin da 'yan dako suka san mutum da shi, tun da su ne baƙo zai fara tambaya in ya sauka daga mota. A ta biyu, a ba da alamar da ido yake gani, kamar wurin lodin manyan motoci ko ƙofar masallaci, kada a ce "kowa ya san ni". A ta uku, a faɗi aiki da shekarun da aka yi ana yinsa, da abu guda da mutum zai iya tsayawa a kansa ko a gaban alƙali. Kirari ba ya cikin wannan. "Ni mai gaskiya ne" kowa yana faɗi. "Ba na ɗora buhun da ban zazzage ba" kuwa alkawari ne da za a iya gwadawa. A ta huɗu, a faɗi lokacin da ya dace a kira, da wani babba da zai shaidi mutum, bayan an nemi izininsa. Da ɗan gari akan ci gari.

Ga abin da muka tsara tare, mun cire sunayen kawai:

"Assalamu alaikum. Sunana wane, ɗan wane mai albasa, a kasuwa an fi sanina da laƙabin kaza. Ina zaune a Malanville, rumfata tana layin 'yan albasa, kusa da inda manyan motoci suke lodi. Shekara goma sha biyu ke nan ina wannan sana'a. Ina saye daga hannun manoma, in zaɓe, in cika buhu, in ɗora wa mota zuwa Kandi, Paraku ko Kwatano. Ba na ɗora buhun da ban zazzage na duba da idona ba. Ina jin Hausa da Dandanci da Faransanci. Wanda yake son ya san ni, ya tambayi sarkin 'yan albasa na kasuwarmu. Wanda yake son kaya, ya kira ni bayan sallar Azahar, lambata tana rubuce ƙarƙashin hotona. Na gode, Allah ya ba mu sa'a."

Mai karatu zai lura sallama tana nan, godiya tana nan, ba a zubar da ladabi ba, amma duka maganar ba ta kai kalma 120 ba.

Abin da muka fi jayayya a kansa shi ne abin da aka cire. Ya ce, "Mushe, ai farashi shi ne ciniki." Muka ce haka ne, amma farashin albasa na kakarta daban yake da na damina, saƙon kuwa zai yi wata shida yana yawo. Ranar da wani ya zo da farashin da ya ji da bakinka, ko dai ka yi asara ko ka zama maƙaryaci. Ga kuma rikicin lissafi: mu nan da dala muke ƙirga sefa, in muka ce ɗari muna nufin sefa 500, mutumin Kamba kuwa in ya ji ɗari, naira ɗari ce ta zo masa a rai. Lambar waya ita ma mun ce a rubuta ta, kada a karanta. Tun ƙarshen Nuwamba 2024 lambobin Benin suka koma guda 10 da aka ƙara musu 01 a gaba, karanta su yana cin lokaci, mai sauraro kuma ba ya riƙewa. Sai batun gada da gwamnatoci, da yawan jarin mutum, da ranar da yake tafiya da kuɗi, da sunayen iyalinsa. Waɗannan duka mun hana, domin magana zarar bunu ce, saƙon da ka tura wa mutum ɗaya ba ka san hannu nawa zai shiga ba.

Ya kuma so ya haɗa Hausa da Faransanci a saƙo ɗaya. Muka ce a'a, ya yi biyu, kowanne da harshensa. Wanda ya ji an fara da harshen da ba ya ji, ba zai jira a zo kan nasa ba.

Saura ɗaukar kanta. Kada a ɗauka a kasuwa ko a bakin hanya. A shiga ɗakin da yake da katifa da labule da tabarma, domin su ne suke shanye amsa-kuwwa, ɗakin kwano da babu kaya a ciki yana mai da murya kamar daga cikin rijiya. A kashe fanka da rediyo, a rufe taga, musamman lokacin hunturu. Abin ɗaukar murya yana gindin waya, kada a toshe shi da yatsa. A riƙe wayar kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan kauce da ita gefe, don kada iskar "fa" da "ba" ta riƙa bugunta. A WhatsApp, in aka danna alamar makirufo aka ja ta sama, za ta kulle, mutum ya saki hannu, yana kuma iya tsayawa ya saurari abin da ya ɗauka kafin ya tura.

Wanda ya iya karatu, da boko ko da ajami, kada ya karanta takarda kalma bayan kalma, ana jin muryar mai karatu tun daga nesa. Ya rubuta kalmomi huɗu kawai, suna, wuri, aiki, kira, ya yi magana kamar baƙon yana zaune a gabansa. Ɗalibin namu sai da ya yi sau biyar. Na farko ya yi sauri kamar ana korarsa, na uku zakara ya yi cara, na biyar ya zauna daidai.

Gwaji na ƙarshe shi ne mafi amfani. Muka kira wani maƙwabci da bai san yaron ba, muka kunna masa sau ɗaya tak, muka tambaye shi sunan mai maganar, da inda rumfarsa take, da lokacin da za a kira shi. Ya amsa biyu, ya kasa faɗin laƙabin, ashe an haɗiye shi. Aka sake ɗauka, aka ja laƙabin a hankali, sannan aka tura.

Ba mu yi masa alkawarin ciniki ba, domin arziki na Allah ne, kuma murya mai daɗi ba ta gyara ruɓaɓɓiyar albasa. Amma ya dawo ya shaida mana cewa wani direban Paraku ya sauka a tasha, ya faɗi laƙabin nan, ɗan dako ya kai shi har bakin rumfa ba tare da ya kira waya ba. Abin da muka ce da shi, shi ne za mu ce da masu ɗinki da masu shinkafa da masu neman aikin koyarwa: in rumfa ta tashi ko sana'a ta sauya, a ɗauki sabo, a roƙi shugaban ƙungiya ya goge tsohon.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.