Malam, ka bar wa ɗalibi usur ɗinsa

A wata makarantar sakandare da ke Sabon Gari, Zariya, na taɓa tsayawa bakin fili ina kallon 'yan aji biyu suna wasan ƙwallon hannu a lokacin darasin motsa jiki. Malamin ya ɗanka usur a hannun wani yaro siriri, ya ce shi ne alƙali. Ba a yi minti biyar ba wani ƙaton yaro ya kutsa da ƙwallo, aka rungumo shi daga baya, ya faɗa cikin da'irar gola, ƙwallon kuma ta shiga raga. Fili ya kaure da ihu. Alƙalin ya sa usur a baki, ya cire, ya waiwaya yana neman malaminsa da ido. Malam ya tako ya karɓe usur ɗin, ya yanke hukunci da kansa, kuma har aka tashi bai mayar ba.

Ina ganin malamin ya yi kuskure sau biyu. Na farko, ya ba yaro aiki ba tare da ya koya masa ba. Na biyu, kuma shi ya fi muni, ya nuna wa ajin gaba ɗaya cewa hukuncin ɗalibi ba ya tsayawa sai in babu gardama. Ra'ayina shi ne alƙalanci darasi ne mai zaman kansa, wanda ake koyarwa mataki-mataki kamar yadda ake koyar da jifa da cafewa, kuma malamin da bai shirya barin hukuncin yaro ya tsaya ba, gara kada ya fara.

Tunanin ba ɗalibai alƙalanci ba sabo ba ne. Daryl Siedentop na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka shi ya tsara hanyar, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1994. A maimakon a taɓa wannan wasa mako biyu a koma wancan, sai a mai da zangon karatu ya zama kakar wasa guda. Ana raba aji ƙungiya-ƙungiya, kowa ya zauna a tasa har ƙarshe, a yi atisaye, a yi gasa, a riƙa rubuta sakamako, a rufe da wasan ƙarshe. Kowane ɗalibi ɗan wasa ne, amma yana da wani aikin kuma: kyaftin, koci, mai riƙe agogo, mai rubuta ci, ko alƙali. Ƙungiyar da ba ta wasa a wannan lokacin ita ke gudanar da wasan sauran.

Mu ɗauki aji mai ɗalibai 48, wanda a makarantunmu ba a kira shi babba ba. Ƙungiya shida ke nan, kowace da mutum takwas, bakwai a fili ɗaya a benci. Idan aka shata fili biyu, kowane fili ya samu ƙungiya uku. A darasi mai tsawon minti 80 za a iya yin wasa uku na minti goma sha biyar-biyar a kowane fili, kowace ƙungiya ta buga biyu ta yi alƙalancin ɗaya. Ƙwallon hannu alƙalai biyu gare ta, in kuma aka canza su a rabin lokaci, ɗalibai huɗu ne daga kowace ƙungiya za su riƙe usur a mako. Cikin mako shida na gasa, kowane yaro da kowace yarinya sun yi alƙalanci sau uku. Sau uku ba zai mai da kowa gwani ba, amma ya isa mutum ya ɗanɗana yadda ake ji in an yi masa ihu a kan abin da ya tabbata ya gani.

Abin da ya kamata a fara koyarwa shi ne inda alƙali zai tsaya, tun kafin a zo kan dokoki. Filin ƙwallon hannu mita 40 ne a tsawo, 20 a faɗi, kuma a gaban kowace raga akwai da'irar mita 6 wadda ba mai taka ta sai gola. Alƙali ɗaya yana tsayawa bayan masu kai hari, yana ganin bayansu da fuskar masu tsaro. Ɗayan yana can kan layin ƙarshe, gefen raga, idonsa a kan layin mita 6 da abin da ke faruwa a bakinsa. Suna tsayawa a kusurwa biyu masu fuskantar juna, 'yan wasa a tsakaninsu. Da ƙwallo ta juya, na bayan hari ya ruga ya zama na gefen raga a ɗaya ɓangaren. Yaron da na gani a Sabon Gari yana tsakiyar fili ne shi kaɗai, yana bin ƙwallo da ido kamar ɗan kallo. Ko da ya haddace dokar duka, daga inda yake ba zai ga ƙafar da ta taka layi ba. Alamar farko ta alƙalin da ba a koya wa ba ke nan: kansa yana juyawa tare da ƙwallo, alhali laifin yana aukuwa a inda ƙwallon ba ta kai ba tukuna.

Sai kuma batun layin kansa. Yawancin filayenmu ƙasa ce, da toka ko farar ƙasa ake shata su, kuma a lokacin hunturu minti goma na guje-guje ya ishi layin mita 6 ya ɓace. Zalunci ne a ce wa yaro ya yi hukunci a kan layin da ba ya nan. Sake zuba toka a hutun rabin lokaci ya kamata ya shiga aikin ƙungiyar da ke alƙalanci.

Bayan tsayuwa, a ba su laifuka kaɗan waɗanda ido ke iya ƙirgawa. Mai riƙe da ƙwallo taku uku ne iyakarsa, daƙiƙa uku kuma in yana tsaye. Wanda ya buga ƙwallo a ƙasa ya kama ta, ba zai sake bugawa ba, sai ya miƙa ko ya jefa. Sai taka da'irar gola. A makon farko waɗannan sun isa. Akwai wuri guda da sababbin alƙalai ke yawan tuntuɓe: idan ɗan wasa ya cafe ƙwallo yana sama, dirarsa ta farko ba ta cikin lissafi, daga ita ake fara ƙirga ukun. Wanda bai san haka ba zai riƙa busa wa mutane a taku na uku na halal. Maganinsa a sa su ƙirga da ƙarfi lokacin atisaye, "sifiri, ɗaya, biyu, uku", har bakin ya saba. A koya musu kuma su busa da ƙarfi, su miƙa hannu nan take su nuna ɓangaren da ƙwallo za ta nufa. Busa mai rauni da hannu a aljihu gayyatar gardama ce.

Inda aikin yake da wuya shi ne taɓa jiki, domin wannan wasa ya halatta shi. Mai tsaro yana da damar tare abokin karawa da ƙirjinsa, ya sa hannu a lanƙwashe daga gaba yana bin sa. Abin da aka hana shi ne riƙo, da ja, da turi, musamman daga gefe ko baya, da dukan hannun da ke shirin jifa. Hukuncin kuma hawa-hawa ne: katin gargaɗi, sai fita na minti biyu, wanda ya fita sau uku kuma ya gama wasan ranar. Saboda haka tambayar da nake so a dasa a kan ɗalibi guda ce: daga ina mai tsaron ya zo, kuma ƙwallo ya nufa ko jiki?

Mu koma kan abin da ya faru a filin nan, mu warware shi yadda alƙalin gefen raga zai yi. An rungumo mai hari daga baya, wannan laifi ne, kuma shi ya fara aukuwa. Amma doka ta ce kada a yi gaggawar busa idan busar za ta cuci wanda aka yi wa laifin, sai a jira a ga ƙarshen harin. Idan ya saki ƙwallon yana sama kafin jikinsa ya taɓa cikin da'ira, ta kuma shiga, ci ne, sannan a hukunta wanda ya rungume shi. Idan rungumar ce ta jefa shi ciki kafin ya saki, ba za a karɓi cin ba, amma an lalata masa dama bayyananna, don haka jifan mita 7 ne, daga shi sai gola, tare da hukuncin mai laifin. Da kuwa ba wanda ya taɓa shi, shi ya taka layin da ƙwallo a hannu, sai a ba gola ya jefo. Amsa uku daban-daban, kuma abin da ya raba su bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Ana iya koya wannan ba tare da wasa ba: ɗalibai uku su maimaita yanayin a hankali a bakin da'ira, sauran su tsaya inda alƙali ke tsayawa, kowa ya nuna hukuncinsa da hannu a lokaci guda, sannan a tambayi biyu ko uku dalilinsu.

Na san abin da malamai za su ce, kuma ba duka ne zan ture ba. Za su ce lokaci ba ya isa, kuma gaskiya ne darasi biyu ko uku za su tafi a kan abin da ba gudu ba ne. Za su ce yara za su ji rauni idan alƙali ya bari wasa ya yi zafi. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari: malam ya riƙe nasa usur ɗin, ya tsayar da wasa duk lokacin da ya ga an ja mai tsalle daga baya ko an kai hannu fuska. Amma wannan dama ta kare lafiya ce kawai. Taku huɗu da ya wuce ba a busa ba, ko jifan da aka ba ɓangaren da bai dace ba, a bar su su tsaya, a yi maganarsu da alƙalin a gefe bayan an tashi. Ko a gasar manya, hukuncin da alƙali ya yanke bisa abin da ya gani ba a sake shi.

Akwai wata matsalar da littafin Ohio bai san ta yadda muka san ta ba. Mun taso a kan cewa ƙarami ba ya yanke wa babba hukunci, kuma a aji ɗaya za ka samu wanda ya girmi wani da shekara uku, da shugaban ɗalibai, da wanda kowa ke tsoro a unguwa. Ka ce wa yaro ɗan shekara goma sha uku ya ɗaga yatsu biyu ya fitar da irin wannan na minti biyu, ka san abin da kake nema a wurinsa ba ƙarami ba ne, domin hanyarsu ɗaya in an tashi. Nan ne malam ke da aiki na gaske. Tun ranar farko a kafa cewa kyaftin kaɗai ke magana da alƙali, shi ma a lokacin da wasa ya tsaya. A sa makin ladabi cikin teburin gasa, ta yadda ƙungiyar da ta yi wa alƙali tsawa za ta rasa maki ko da ta ci wasan. Kuma karon farko da ƙaramin yaro ya fitar da babba, malam ya tako ya tsaya kusa da shi, bai ce komai ba, har wancan ya zauna a benci.

A Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello tana horar da malaman motsa jiki, kuma ɗalibanta sukan fita koyon koyarwa a makarantun da ke kewaye. Su nake fata su gwada wannan, ko da da aji ɗaya ne. Ƙwallon hannu ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan: matan Nijeriya sun ci kofin Afirka a 1991, suka je gasar Olamfik ta Basalona a 1992. Kayan da ake bukata kuma ba su wuce usur huɗu ba, da agogon waya, da kwali biyu da aka yanka aka shafa wa launi, da bokitin toka. A ƙarshen kowane wasa, abokan alƙalin biyu da suka zauna a gefe da takarda su gaya masa sau nawa ya tsaya a inda ya dace, da sau nawa ya busa ya manta bai nuna hannu ba.