Mai shago a Illela: kowane layi na teburin ciniki ya riƙe farashin sefarsa

Yawancin teburan lissafin ciniki da matasa ke saukewa a waya an tsara su ne don shagon da kuɗi iri ɗaya ke shiga. A Illela kuwa aljihun tebur biyu ne. Birnin Konni na nan kusa, tsallaken iyaka, kuma mai saye kan miƙo sefa kamar yadda wani zai miƙo naira. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ba ta zama wuri ɗaya. Duk teburin da bai yi la'akari da wannan ba, ƙarya zai riƙa faɗa wa mai shi cikin ladabi.

Kuskuren da aka fi yi yana kama da dabara. Yaron shago ya buɗe Google Sheets ko Excel, ya ware gida ɗaya a sama ya rubuta farashin canji, sannan kowane layi ya riƙa ɗauka daga can. Da farashi ya motsa sai ya gyara gidan nan kaɗai. Sauƙi kam akwai, amma ga abin da ke biyo baya.

A ɗauka, a misali, ranar Litinin an sayar da katan uku na taliya, kowane a kan sefa 6,000, lokacin ana canza jika ɗaya, wato sefa 1,000, a kan naira 2,500. Sefa 18,000 ke nan, daidai da naira 45,000, kuma da yamma mai shago ya canzar ya karɓi kuɗinsa. Ranar Juma'a jika ta koma 2,700, yaro ya gyara gidan sama. Nan take cinikin Litinin ya zama naira 48,600. Naira 3,600 ta bayyana a tebur, babu ita a aljihu. Idan maigida ya ƙirga kuɗi ya ga giɓi, yaron zai fara kallo, alhali ba wanda ya taɓa ko kwabo.

Maganin shi ne farashin canji ya samu ginshiƙinsa, a rubuta shi da hannu a kowane layi. Ginshiƙi bakwai sun isa: A kwanan wata, B kaya, C yawa, D farashin ɗaya, E canji, F jimillar layin da naira, G jimillar ciniki zuwa wannan layi. Idan da naira aka biya, a sa 1 a E. Idan da sefa ne, a sa abin da sefa ɗaya ta kai a ranar, wato 2.5 a misalin Litinin. A gidan F2 da G2 sai a rubuta waɗannan, a kwafa su zuwa ƙasa:

```
=C2*D2*E2
=SUM($F$2:F2)
```

Alamar $ ita ke kafe farkon lissafin a layi na biyu, ƙarshensa kuma yana sauka tare da layin. Wasu sun fi son `=G2+F3` don ya fi sauƙin ganewa. Matsalarsa ita ce da zarar an goge layi ɗaya a tsakiya, duk na ƙasa da shi su koma `#REF!`, kuma a waya yatsa na saurin goge layi.

Za a iya cewa maimaita 2.5 sau talatin a rana wahala ce. Gaskiya ne, ko da yake kwafa da liƙawa na rage ta. Amma abin da ake saya da wahalar shi ne tarihin da ba ya canzawa. Wanda ya ajiye sefarsa har Juma'a ya ci 3,600 ɗin da gaske, sai dai ribar canji ce ta ranar Juma'a, kuma a layinta na dabam ya kamata ta zauna, kada ta shige cikin cinikin taliya.

Akwai kuma tarkon baki. Mutanen Nijar da dala suke ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar, saboda haka "ɗari" a bakin mutumin Konni sefa 500 ce. Yaron da ya ji ɗari ya buga 100 ya zubar da kashi huɗu cikin biyar na cinikin. A D, adadin da ke jikin takardar kuɗin ake rubutawa, kuma lamba zalla. Wanda ya buga 6000f don tuna wa kansa sefa ce, F zai ba shi `#VALUE!`, G ma ya bi sahu har ƙasa. Alamarsa a bayyane take: rubutu na jingina hagu a gida, lamba na jingina dama.

Da dare sai a ƙirga naira dabam, sefa dabam, a juya sefar da farashin ranar, a gwada da abin da G ya ƙaru tun safe. In sun saɓa da ninki biyar a wani layi, dala ce. In sun saɓa da kaɗan, a duba E.