Hang out, pick up da catch up: me yaranmu ke nufi?

A ce 'yarki ta turo miki wannan saƙon a waya: "Mummy, I'm hanging out at my friend's house to catch up on maths. Please pick me up by 5." In kika bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, abin da za ki samu shi ne tana "rataye a waje", za ta "kama sama", a "tsince ta sama". Babu ko ɗaya da ya yi ma'ana.

Dalili kuwa, Turanci yakan haɗa aikatau da wata 'yar ƙaramar kalma kamar up ko out, sai su haifi sabuwar ma'ana. Mu ma muna da irin wannan. Wanda ya ci amana ko ya sha kaye ai babu abin da ya shiga bakinsa. Dabarar guda ce: ki duba abin da ya biyo bayan kalmar, mutum ne, kaya ne ko ciwo.

Mu fara da hang out. In da mutane ne, zama ne na hira ba tare da wani takamaiman aiki ba. Ga samari, shi ne zaman majalisa. Ga 'yan mata, "muna hira a gidan su ƙawata". In fita ce, "za mu ɗan zaga gari" ko "za mu sha iska". Ki lura, kalmar ba ta faɗi inda ake ba, ba ta kuma faɗi da wa ake ba. Saboda haka in ɗanki ya ce hanging out kawai ya yi shiru, bai ba ki amsa ba tukuna, sai ki tambaye shi a ina, da su wa. Amma in tufafi ne suka biyo baya, hang out the clothes shanya ce kawai.

Pick up ta fi su rassa. In mutum ne, ɗaukowa ce: "ki zo ki ɗauke ni", "je ka ɗauko ƙaninka daga Islamiyya". In waya ce, ɗagawa ce: "na kira bai ɗaga ba". In harshe ne, yaro ya tsinci Yarbanci a bakin abokan wasa, ba a aji ya koya ba. A asibiti kuma nakan ji ta da fuska biyu masu karo da juna. In likita ya ce "she picked up an infection", yarinya ta kamu da cuta ke nan. In ya ce "she is picking up", babu komai a bayan kalmar, albishir ne: ta fara farfaɗowa, jiki ya yi sauƙi. Uwar da ba ta san bambancin ba sai gabanta ya faɗi a kan labari mai daɗi.

Catch up kuwa tushenta ɗaya ne: an bar ki a baya, kina son ki cimma. A hanya, "ku yi gaba, zan tarar da ku". A makaranta, "tana ƙoƙarin kamo 'yan ajinsu". A barci, ramawa ce, kamar yadda muke rama barci bayan aikin dare. Tsakanin ƙawayen da suka daɗe ba su haɗu ba, hirar yaushe gamo ce.

Wadda na fi so ki riƙe ita ce catch-up ta rigakafi. Jariri yana karɓar allurar Penta sau uku, a mako 6, 10 da 14. A ce ya karɓi ta farko, sai tafiya ko rashin lafiya ta sa wata biyu suka wuce. In ma'aikaciyar lafiya ta ce za a yi masa catch-up, tana nufin za a cike masa waɗanda ya tsallake. Ba a komawa farko. Za a ba shi ta biyu a ranar, ta uku kuma bayan mako 4. Don haka kada kunya ko tsoron faɗa su hana ki komawa, ki dai tafi da katinsa.

Yanzu ga saƙon 'yarki da Hausar gida: "Mama, ina gidan su ƙawata, ina so in kamo darasin lissafin da ya wuce ni. Don Allah ki zo ki ɗauke ni kafin ƙarfe 5." Kalma ta biyu ce ta nuna miki cewa zaman na karatu ne.

Wace kalma ce yaranki suke yawan jefo miki? Ki rubuto ta, mu warware ta a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.