Idan Kuɗi Ya Kasa Kai Fim Tasha: Wuri Ake Sauyawa, Aikinsa Yana Nan

Duk wanda ya taɓa rubuta fim a ƙasar Hausa ya san ranar da furodusa yake kiransa ya ce a zauna a yi magana. Galibi maganar ɗaya ce: kuɗi ya ragu, wuri kaza ba zai yiwu ba, a gyara labari. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, irin wannan kira ya ƙaru, domin kwashe 'yan wasa da kayan aiki daga unguwa zuwa unguwa ya zama babban nauyi. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, marubucin da aka ƙwace wa wuri bai kamata ya fara da neman wani wuri mai kama da shi ba. Abin da ya kamata ya fara tambaya shi ne, wane aiki wurin nan yake yi wa labarin? Idan ya gano ayyukan, sai ya raba su ga abubuwan da kuɗinsa zai iya saye.

Zan kafa hujja da abin da ya same ni. Na rubuta wani gajeren fim mai shafi 24 da fitowa 19, wanda muka shirya ɗauka da wasu ɗalibai a Batagarawa, bakin hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma. Labarin wani tela ne da ɗansa na fari, wanda ya ƙudurta tafiya ci-rani ta hanyar Agadas ba da son uban ba. Kamar yadda al'ada ta tanada, uban yana kunyar ɗan fari. Tun daga farkon fim ba ya kama sunansa, sai dai ya ce "kai" ko "yaron nan". A fitowar ƙarshe, uban ya isa tashar mota a cikin Katsina a makare, riƙe da rigar da ya kwana yana ɗinkawa. Mota ta cika ta fara motsi, hayaniya ta hana a ji shi, sai ya ɗaga murya ya kira sunan ɗansa a gaban jama'a. Wannan kira shi ne ƙololuwar labarin, kuma dukkan shafukan da suka gabata shimfiɗa ce gare shi.

Ana saura mako biyu a fara aiki, wanda ya ɗauki nauyinmu ya rage kashi ɗaya cikin uku na abin da ya alkawarta. Da muka zauna lissafi, sai muka ga fitowar tasha, mai shafi huɗu kacal, ita ce ta fi kowace cin kuɗi. Tana bukatar kwana biyu na ɗauka, da hayar mota da za ta yini tana gaba tana baya, da mutum kusan arba'in masu cika wuri waɗanda za a ciyar a kuma sallama, da sasantawa da shugabannin tasha. Ga kuma matsalar sauti, domin a tasha ba ka da ikon hana kowa magana. Aka soke ta.

Gyaran da na fara yi shi ne irin wanda ake yawan gani a finafinanmu, kuma kuskure ne. Na kwaso maganganun na zuba su a ɗaki. Uba ya shigo ya tarar da ɗa yana ɗaure jaka, ya miƙa masa riga, ya yi masa nasiha, ya kira sunansa. Da muka zauna karatun gwaji, alamu uku suka nuna mini cewa abin ya mutu. Na farko, shafi huɗu ya koma shida, domin na shiga bayyana da baki abin da a da ido ke gani. Na biyu, ɗan wasan da ke fitowa a uba ya dakata ya ce mini, "Malam, me zai sa in faɗi sunan nan, alhali yaron yana gabana yana jina?" Na uku, da na tambayi waɗanda suka saurara me suka ji a ransu, sai suka maimaita mini nasihar, babu wanda ya ambaci kiran sunan. Tambayar ɗan wasan ce ta farkar da ni. A tasha, dole ce ta sa uban ya karya al'adarsa. A ɗaki kuwa babu dole, don haka kiran ya zama ado.

Sai na ɗauki takarda na rubuta ayyukan da tasha take yi, na tarar guda huɗu ne. Tana sanya wa'adi, domin mota idan ta cika ba ta jiran kowa. Tana kawo hayaniyar da ke hana a ji ƙaramar murya. Tana tara idon jama'a, wanda shi ne ke sa kiran sunan ya yi wa dattijo nauyi. Sannan tana nuna cewa yaron nan ba shi kaɗai ba ne, matasa da yawa ne ke barin gida. Da na dubi jerin, sai na ga uku na farko ba su bukatar tasha ko kaɗan.

Na mayar da fitowar ƙofar gida, bayan sallar asuba. Wa'adin ya koma hannun mai keke napep, wanda mutanen Katsina ke kira kurkura. Ya zo ɗaukar yaron, yana da wasu fasinjoji biyu masu sauri, ya ƙi kashe inji. Ƙarar injin ta zama hayaniyar. Idon jama'a kuwa ya koma ga dattawa biyar da suka fito daga masallacin unguwa suka tsaya gaisawa, waɗanda su ne sa'o'in uban. Yaron ya riga ya shiga ya ba da baya. Uban ya fito daga zaure da riga a hannu, ya ce "kai", ba a ji ba. Ya sake cewa "kai, yaro", kurkura ta fara tafiya. Ya dubi dattawan, ya dubi titi, sannan ya kira sunan. Fitowar ta koma shafi biyu da rabi, mutum arba'in suka koma takwas. Mun ɗauke ta a safiya biyu, domin hasken asuba ba ya daɗewa, amma kowace safiya sa'a guda ta ishe mu. Har ma na ga an samu riba, domin kunyar dattijo a gaban sa'o'insa biyar da zai haɗu da su a sahu gobe ta fi kunyarsa a gaban baƙi ɗari da ba zai sake gani ba.

Akwai matakin da marubuta ke yawan tsallakewa, wato komawa baya. Sabon ƙarshe yana bukatar sabuwar shimfiɗa. Na koma fitowa ta uku na sa mai kurkurar ya bayyana yana faɗa da fasinja kan ɓata lokaci, domin mai kallo ya san ba ya jira. Na koma ta bakwai na sa dattawan suna zolayar telan cewa har yau bai taɓa kama sunan ɗansa ba. Na kuma goge wurare uku da aka ambaci tasha, domin idan ka yi wa mai kallo alkawarin wuri sannan ka hana shi gani, zai gane cewa talauci ne ya yi magana.

Wannan hanya ba ta taƙaita ga masu ƙaramin jari ba. A rubutun farko na fim ɗin Back to the Future, wanda Robert Zemeckis da Bob Gale suka rubuta kuma ya fito a 1985, an tsara cewa jarumin zai samu ƙarfin komawa zamaninsa ne daga fashewar bam na nukiliya a filin gwaji na Nevada. Tsada ta sa aka cire wannan ɓangare. Marubutan ba su je neman wata hamada mai araha ba. Sun lura cewa abin da gwajin bam yake bayarwa shi ne gagarumin ƙarfi a lokacin da aka san shi tun da wuri. Sai suka ba tsawa wannan aiki, ta faɗa kan hasumiyar agogon garin da ƙarfe 10:04 na dare, a dandalin da kamfanin Universal yake da shi a gine cikin harabarsa. Su ma sun koma baya sun yi shimfiɗa: tun a farkon fim wata mata ta miƙa wa jarumin takardar neman a ceto agogon, wadda ke ɗauke da labarin tsawar, kuma budurwarsa ta rubuta lambar waya a bayanta, abin da ya sa bai jefar da ita ba. Yau wannan fitowa ce mutane suka fi tunawa a fim ɗin.

Ba na so a fahimce ni da cewa rashin kuɗi alheri ne. Aiki na huɗu da tasha take yi, wato nuna yawan masu tafiya, na rasa shi. Na yi ƙoƙarin cike gurbin da fasinjojin nan biyu, na sa su matasa masu jakunkuna, amma mutum uku a kurkura ba su kai nauyin motoci cike da samari ba. Fim ɗin ya ƙara zama labarin gida ɗaya, ya rage zama labarin al'umma. Wannan asara ce, kuma marubuci ya kamata ya faɗa wa furodusa ita ƙarara kafin a ɗauka, domin a san abin da aka sayar.

Wasu abokan karatuna suna ganin cewa marubucin da ya saba yarda a cire masa wuri yana koya wa furodusoshi raina rubutu, har fim ya koma zaman falo da dogon surutu. Akwai gaskiya a maganarsu, kuma jerin ayyukan nan shi ne makamin da zai kare marubuci. Idan ya rubuta ayyukan wuri ya ga mafi yawansu za su iya komawa wani abu, to ya sassauta. Idan kuwa wurin shi ne jigon kansa, kamar labarin da ya ginu a kan Hasumiyar Gobarau ko hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Katsina, babu zauren da zai maye gurbinsa. A nan sai a cire wasu fitowa uku don a ceci guda, ko a jinkirta aikin har kuɗi ya samu. Marubucin da ya zo da jeri a hannu yana iya nuna wa mai kuɗi dalili, wanda ya zo da son wuri kawai kuwa gardama zai yi ya sha kaye.

Saboda haka ina ba sassan da ke koyar da wasan kwaikwayo da fim a jami'o'inmu shawarar su riƙa ba ɗalibai wannan a matsayin aikin aji. A ba ɗalibi fitowar da ya fi so a rubutunsa, a ce an ƙwace wurin, a ba shi mako guda ya dawo da jerin ayyuka da sabuwar fitowa da gyaran shimfiɗa. Sannan a sa 'yan ajin su karanta da murya, a tambayi masu sauraro inda ransu ya motsa. Idan sun ambaci wurin da marubucin ya nufa, gyaran ya yi. Idan sun maimaita nasiha, kamar yadda aka yi mini, sai ya koma kan takarda.