Wayar kuran ta jabu: sikeli ya fi rubutun roba gaskiya

Tambayoyi sun yi yawa kan jabun kayan gini, daga nan cikin Tawa har Kalfu da Tabalak. Siminti da fenti su jira wani mako. Yau wayar kuran muka ɗauko, don ita ce in ta ɓaci take cin ɗaki da wuta.

Tambaya: Mine ne jabun waya?

Amsa: Wayar cikin gida ta ƙwarai jan ƙarfe ce zalla. Ta jabu alminiyom ce ko baƙin ƙarfe, an shafa mata jan ƙarfe a baya. Wata kuma an rubuta 2,5 a jikin roba, alhali kaurinta bai kai ba.

Tambaya: Ƙaƙa zan gane tun a shago?

Amsa: Ka ce a yanko maka ɗan guntu, ka feɗe robar, ka kankare da wuƙa. In fari ya fito daga ciki, ba jan ƙarfe ba ne. Ka kanga mata maganaɗisu: in ta manne, baƙin ƙarfe ne. In mai silli-silli ce, ka kunna ma silli ɗaya ashana. Alminiyom sai ya lanƙwashe ya tsinke, jan ƙarfe kuwa baƙi kawai zai yi.

Tambaya: In mai shago ya hana a yanka fa?

Amsa: Sai a ɗora bisa sikeli. Rulo na mita 100 na waya 2,5, jan ƙarfen da ke ciki kaɗai ya kai kilo 2 da giram 200, da robarshi wajen kilo 3. In alminiyom ne tsantsa, ƙarfen bai cika giram 700 ba. To in ka ga rulo bai kai kilo 2 ba, ko dai ba jan ƙarfe ba ne, ko ba ta da kauri, ko mitocin ba su cika ba. Ko wanne ne, aje mishi abinshi.

Tambaya: Ai wayoyin Nijelek na bisa hanya ma alminiyom ne?

Amsa: Gaskiya ne, amma an ƙara musu kauri, kuma da irin nasu mahaɗi. Alminiyom kusan kashi 60 cikin 100 yake ɗauka na kuran ɗin da jan ƙarfe mai kaurinshi ke ɗauka. Mai gyaran wuta ya ga 2,5, sai ya sa dizonkter mai ampe 20. Ka jona firigo da abin guga, waya ta yi zafi cikin bango, dizonkter bai yanke ba, don a lissafinshi komi lafiya. Ga zafin Afrilu a kai.

A ganina, alminiyom ba laifi ba ne. Laifin shi ne a saida shi da sunan jan ƙarfe. Ɗan kasuwa ya faɗi abin da ke hannunshi, a yi ciniki a kan sani. Kai kuma maigida, kar ka bar ma ɗan kwangila sayayya shi kaɗai. Ka tsaya a auna gabanka, a rubuta maka sunan waya da kaurinta a takardar saye.

Wanda ya taɓa auna rulo, ya faɗa muna kilo nawa ya samu.