Kira uku a yini ɗaya, sai a ce "ba a samu mai saƙo ba"

Makon da ya wuce na taɓo zancen saƙonnin da ake mayarwa a cikin shirin safe, lokaci ya ƙure ban gama ba. Ga sauran nan a rubuce.

Zan fara da abin da ya faru a gidanmu, don kada a ce jita-jita nake ci.

Kawuna yana da garka a wajen Gidimuni, yana noman rani: albasa, shu, da ɗan rake a gefe. A tsakiyar aikin ban ruwa injin jan ruwansa ya tsaya. Makaniki ya duba ya ce wani ƙarfe ne ya ci, kuma irinsa ba a same shi a Damagaram ba. Ɗansa da ke Yamai ya nemo, ya saka a kwali, ya kai ɗaya daga cikin kamfanonin motocin nan da ke ɗaukar saƙo, ya biya jaka uku. A bayan kwalin ya rubuta sunan da duk gari ke kiran kawu da shi, da lambar waya ɗaya. Kwali ya yi tafiyar kilomita kusan 900, ya sauka Damagaram ranar Juma'a.

Ranar Asabar yaron gishe ya kira lambar sau uku. Na farko wayar tana kashe, tana wajen mai caji. Na biyu kawu yana cikin kwari inda rezo ba ya kamawa. Na uku ya shiga, kawu ya ga baƙuwar lamba ya ƙi ɗagawa, don 'yan damfara sun taɓa kiransa da zancen wai ya ci kyauta. Yaro ya rubuta a littafinsa cewa an kira ba a samu ba. Shi kuma ɗan can Yamai yana ganin ai an kira baba, baba kuma yana ganin ai kaya bai iso ba tunda ba wanda ya ce masa komai. Sai da kwana tara suka wuce kawu ya samu mota ya shigo birni. A gishe aka ce ya kawo katin ɗan ƙasa. Sunan da ke kati daban, na bayan kwali daban. Aka ce ya je ya sa mai aikowa ya kira ofishin Yamai ya gyara suna. Kafin a yi wannan, ya kwana biyu a gidana, aka ce ai kwalin yana cikin waɗanda aka loda aka mayar. Ƙarfe ya sake tafiyar Yamai, aka sake biyan jaka uku, ya sake dawowa. Albasar da ke ƙarshen garka ba ta jira shi ba.

A lokacin na yi fushi da kamfanin. Yanzu da na huce, na ga laifin ya rabu gida uku, kuma namu ma yana ciki.

Mu fara da abin da mutane da yawa ba su sani ba. Saƙon da aka aiko maka, tun bai shiga hannunka ba, ba naka ba ne tukuna. Ƙungiyar gidajen waya ta duniya, wadda aka kafa a birnin Bern a 1874, Nijar kuma tana cikinta tun 1961, a dokarta saƙo mallakar mai aikowa ne har ranar da aka miƙa shi ga mai shi. Kamfanonin mota ba wannan doka suke bi kai tsaye ba, amma hankalin ɗaya ne: amana ce aka ba su. Shi ya sa ba za su ba ƙanenka ba don kawai ya ce ƙanenka ne, kuma shi ya sa in sun rasa ka, hanya ɗaya da ta rage musu ita ce su mayar wa wanda ya ba su. In sun ba wani ya ɓace, su za su biya. In sun ajiye ɓera ya ci ko ruwa ya jiƙa, su za a kama. Ga magazar ɗaki ɗaya ce, kullum mota na sauke sabbin kaya a kan tsofaffi. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiyar saƙo gab da Salla ya san abin da nake faɗi.

Gidan waya shi yana da wa'adi sananne. A ƙa'idar wannan ƙungiya ta duniya, kwalin da ya zo daga waje ana ajiye wa mai shi kwana goma sha biyar zuwa wata ɗaya bayan an sanar da shi, in da dalili a kai wata biyu. Kuma tun ranar aikowa, a takardar da mai aikowa ke cikawa akwai wurin da ake tambayarsa: in ba a samu mai shi ba, a dawo maka da shi, ko ka bar shi? In ya ce a dawo, kuɗin dawowar a wuyansa yake. Ku da ke da 'yan uwa a Faransa ko Saudiyya, ku ce su turo muku lambar bin saƙo. Lamba ce mai gurbi goma sha uku: haruffa biyu, lambobi tara, sai haruffa biyu na ƙasar da kaya ya fito, kamar FR ko SA. In ka saka ta ka ga an rubuta "Non réclamé", ma'anarsa kaya ya iso, ya jira, ba wanda ya zo. In ka ga "Adresse insuffisante", adireshi ne bai isa ba. In kuwa ka ga "Retour à l'expéditeur", to bakin alƙalami ya bushe, kaya ya juya.

To, ga inda nake da magana da kamfanonin.

Wannan zance na "mun gwada sau uku" daga ƙasashen da gida ke da lamba, titi ke da suna aka aro shi. Can ma'aikaci yana zuwa ƙofar gidanka yau, in bai same ka ba ya bar takarda, ya dawo wata rana, ko ya ba ka dama ka zaɓi ranar da ta yi maka. Kowane gwaji rana ce daban. Mu nan ba mai zuwa ƙofar kowa. Adireshinmu shi ne "bayan masallacin Juma'a, kusa da mai injin niƙa", gwajinmu kuma kiran waya ne. Kira uku tsakanin hantsi da la'asar a yini guda gwaji ɗaya ne, ko an rubuta shi sau uku a littafi. Dalilin da ya hana mutum ɗagawa da safe shi ne dai zai hana shi da rana: wayar tana wajen caji, ko mutumin yana gona.

Mutumin ƙauye kuma ba da awa yake lissafin tafiya ba, da ranar kasuwa yake yi. Wanda ke cikin garin Takaya yana da kilomita kusan 70 tsakaninsa da Damagaram. Wanda ke ƙauye bayan Mazamni sai ya jira ranar da mota za ta fito, galibi ranar kasuwa, kuma kuɗin zuwa da dawowa kan fi kuɗin da aka biya wa saƙon. Da damina in rairayi ya jiƙe ko gulbi ya yanke hanya, ƙara kwana. Saboda haka wa'adin da bai ƙunshi kasuwa biyu ba, wa'adin 'yan birni ne. Ni a ganina kwana goma sha biyar shi ne mafi ƙaranci ga duk saƙon da aka rubuta sunan ƙauye a kansa, ban da kayan da ke lalacewa, irin su magani mai son sanyi ko abinci.

Abu na biyu bai cin ko dala: saƙon rubutu. Kiran da ba a ɗaga ba ba ya faɗin komai, sai ma ya sa zargi. Amma rubutu yana jira har a kunna waya, kuma ko mai wayar bai iya karatu ba, yaron lakwal na gidan zai karanta masa. Layi biyu sun isa: sunan kamfani, wanda ya aiko, da ranar da za a mayar in ba a zo ba. Ranar nan ita ce ba a taɓa faɗa mana. Masu aika kuɗi irin su Nita da Amana sun riga sun saba wa mutane da lambar karɓa, har tsofaffi sun iya riƙe ta. Me ya sa kwali ba zai samu irin wannan ba?

Na uku, kafin a loda kwali a mayar, a kira mai aikowa. Lambarsa tana kan rasi. Da yaron gishe ya kira ɗan kawu ran Lahadi, da magana ta ƙare cikin minti biyu, don shi ya san lambar maƙwabci, ya san tawa.

Yanzu mu juyo kanmu, kada a ce mai rediyo ya ɗauki gefe.

Sunan da ke bayan kwali ya zama wanda ke kan kati, harafi da harafi. Mu nan mutum sunansa Mahamadu a takarda, gari na ce masa Mamman, gida na ce masa Ɗan Tsoho. Gishe bai san Ɗan Tsoho ba. Mata kuma abin ya fi yawa: a rubuta "Hajiya uwar wane", alhali kati na cewa wani abu. In kana son laƙabi ya fito, rubuta shi a ƙasa, amma na kati ya hau sama.

In mai kayan yana ƙauye, mafi sauƙi kada ma a sa sunansa. A sa sunan wani ɗan uwa da ke Birni ko Zango ko Garin Malam, mai kati a aljihu da waya a kunne, shi ya karɓa ya ba direban garinku. Abin da muka yi ke nan a zuwa na biyu: sunana aka sa, kwali ya sauka da safe, kafin magariba yana Gidimuni. Wannan dabara tana gabanmu tun farko, ba wanda ya tuna.

Kai mai aikowa, aikinka bai ƙare a gishen Yamai ba. Ɗauki hoton rasi ka tura, ka faɗi ranar da mota za ta sauka, ka gaya wa tsoho cewa baƙuwar lamba za ta kira shi gobe, ya ɗaga. Ka tambayi mai gishe kwana nawa suke ajiyewa, don kowane kamfani da nasa, kuma ba kasafai ake liƙa shi a bango ba.

In kuwa an kira ka ka ɗaga, kuma ka san ba za ka samu zuwa ba, kada ka ce "ina nan tafe" don kunya. "Ina nan tafe" ba rana ba ce, ba abin da yaro zai rubuta a littafi. Ka ce Alhamis, ranar kasuwar Dole, ka nemi ya rubuta a jikin kwalin, ka tambayi sunansa, ka adana lambarsa. Kwalin da aka rubuta wa rana ba shi ake fara ɗauka ba in za a share magaza. In Alhamis ta zo abin ya gagara, ka sake kira tun Laraba da yamma. Na tambayi masu wannan aiki, abin da ya fi ɓata musu rai shi ne wanda ya sa rana sau biyu bai zo ba kuma bai kira ba, don daga nan ba su da hujjar da za su ba shugabansu.

Ranar Talata mai zuwa in Allah ya kai mu zan buɗe layi a kan wannan. Ina so musamman yaran gishe da direbobin hanyar Takaya su kira, ba sai sun faɗi sunan inda suke aiki ba. Wanda aka taɓa mayar wa kaya kuma ya rubuto a nan ƙasa kwana nawa aka ba shi, da ko an faɗa masa ranar.