Hancin da ya gaji, turare mai ƙarfi kawai yake zaɓa

Wani ƙanena daga Tabla ya shiga kasuwar Baleyara ranar Lahadi sayen turaren lefe, da kuɗin da yayanmu ya turo daga Abijan. Na raka shi. Mai turaren ba macuci ba ne, mutum ne mai fara'a, amma cikin minti goma ya shafa wa yaron turare tara, daga bayan hannu har zuwa wuyan riga. Daga na biyar ƙanena ya fara cewa: "Malam, wannan ai ba ya ƙamshi, ba ka da mai ƙarfi?" Aka ciro masa na tara, wani mai kaurin ud da zaƙi, ya biya jika shida yana murna. Washegari da aka buɗe kwalbar a ɗaki, Inna ta tambaya ko maganin sauro muka sayo.

Ni dai ban ga laifin mai kaya ba. Laifin na hanci ne, da kuma rashin saninmu da halinsa. Idan ƙamshi ɗaya ya daɗe yana shiga hanci, jijiyoyin da ke kama shi sukan rage kai saƙo ƙwaƙwalwa, shi ya sa mai gida ba ya jin turaren wutar ɗakinsa, baƙo kuwa tun daga zaure ya ji. Turaruka da yawa kuma gindinsu ɗaya ne: almiski, ambar, sandal. Idan hanci ya ƙoshi da almiskin na farko da na biyu, ba zai ƙara jin na cikin na biyar ba, sai ka ɗauka ruwa aka zuba maka. Daga nan abin da kawai zai iya ratsa hancin shi ne mafi tsanani, kuma shi za ka ɗauka gida.

Saboda haka a ganina uku ne iyaka a zama ɗaya, kuma biyu kaɗai za su taɓa fata, ɗaya a kowane wuyan hannu. Sauran a gwada su a kan takarda ko auduga, a rubuta sunan kowanne, domin bayan minti biyar ba wanda ke tuna wanne ne wanne. Kada a shinshina bakin kwalba ko murfi. Idan na fesawa ne, a jira kamar rabin minti sinadarin da aka narka shi ciki ya tashi, don shi ne ke fara dukan hanci ya kashe shi. Shaƙa biyu gajeru ta isa. A fara da mai sauƙi, na lemo ko na fure, a bar ud da humra sai ƙarshe, don in ka fara da su ka gama aiki.

Sai kuma abin da ya fi wuya: ka fita daga rumfar. Mai turare yakan kunna kasko tun safe, iskar wurin kanta turare ce. Ka je ka yi sauran cefanenka. Ƙamshin farko, wanda ke sa mutum ciro kuɗi, cikin kwata ɗin awa yake gushewa, a zafin Kurfai ma bai kai haka ba. Wanda zai zauna a jikinka har la'asar sai bayan awa ɗaya ko biyu yake bayyana, bayan ya haɗu da gumi. Turaren mai irin Bintu Sudan, da ba shi da sinadarin fesawa, a hankali yake buɗewa, don haka kada a yanke masa hukunci da shaƙar farko. Idan bayan awa biyu ka kai hannu hanci ka ji tsami, ko ka ji babu komai alhali ka sha iska a waje, ka samu amsa ba tare da ka yi asarar ko dala ba.

’Yan uwa da ke sayayya a manyan kantunan Dubai ko Jidda za su ce ai can ana ba da ’ya’yan kofi a shinshina don wanke hanci. A 2011 wata mai bincike a kwalejin Beloit ta Amurka, Alexis Grosofsky, ta gwada wannan da ɗalibai, ta tarar kofi bai fi yankin lemon tsami ko iska zalla amfani ba. Kofi ma wani ƙamshi ne aka ƙara wa hanci. Gara ka shinshina lanƙwasar gwiwar hannunka inda ba turare, ko ka fita waje minti biyar.

Na san za a ce mutumin ƙauye da ke jiran mota ba shi da awa biyu, kasuwa kuma sai wata Lahadi. Gaskiya ne. To ya fara da rumfar turare da isowarsa, ya ƙare da ita kafin ya hau mota. Ko kuma ya sayi ɗan awo na ƙaramar kwalba ya kwana da shi, masu turaren mai suna zubawa. Ƙanena dai Lahadin da ta biyo baya haka ya yi: ya shafa biyu da hantsi, ya tafi kasuwar dabbobi, bayan azahar ya dawo ya ɗauki na hagu, wanda a makon farko ya ce ba ya ƙamshi.